WATA, BAREWA DA WARDI: WANNE ZAI IYA ZAMA CIKIN WAƘAR HAUSA?



Tun da jama'a suka kama alƙalami a garuruwanmu, samari da yawa sun fara rubuta waƙa. Wannan abin murna ne. Amma akwai wani abu da nake gani cikin waƙoƙin soyayya da ake kawo mini in duba. Kusan kowace waƙa tana da wata, tana da barewa, tana da fure. Waɗannan abubuwa uku sun yi doguwar tafiya kafin su iso gare mu. Sun fito daga waƙoƙin Larabawa da na Farisa, wato ƙasar da ake kira Iran yau. Baƙi ne. Baƙo kuwa, wani yakan zauna har ya zama ɗan gari, wani ruwan garin ba ya karɓarsa. Yau ina so mu duba su ɗaya bayan ɗaya.

ABIN DA YA SAMI WANI SAURAYI

Bari in fara da labari. A ajinmu na yaƙi da jahilci akwai wani saurayi mai ƙoƙari. Ya yi karatun allo tun yana yaro, ya kuma zauna gaban malamin zaure, ya ji ana fassara waƙoƙin Larabci. Da ya iya boko, sai ya rubuta wa yarinyar da zai aura takarda. Ya sa baiti guda a ciki, mai layi uku. Ga shi:

Ke wata ce a zuciyata,
Barewa ce masoyiyata,
Kuncinki wardi, ya gimbiyata.

Yarinyar ba ta iya karatu ba. Ƙanenta ɗan lakwal ya karanta mata, gwaggonta tana zaune tana tsinkar zogale. Da aka gama, yarinyar ta tashi ta shiga ɗaka. Kwana uku ba ta fito zance ba.

Saurayin ya zo wurina ransa a ɓace. Ya ce: "Malam, ni yabonta na yi. Mene ne laifina?"

Na ce: "Zauna, ɗana. Me gwaggon ta ce?"

Ya ce: "Cewa ta yi, in ɗiyarsu wata ce, to, wace ce ta farin? Ta kuma ce ɗiyarsu ba naman daji ba ce, kuma ba ta san wani abu wai shi wardi a fuskar mutum ba."

Na yi dariya, amma ban ga laifin gwaggo ba. Ta ji abin da aka rubuta ne, ba abin da ke cikin zuciyar mai rubutu ba. Layi uku, tuntuɓe uku. Kowane tuntuɓe yana da dalilinsa.

MA'AUNIN DA ZA MU YI AIKI DA SHI

Malaman Larabci masu ilimin balaga sun ce kamantawa tana da ƙafa huɗu. Akwai abin da ake kamantawa, kamar yarinya. Akwai abin da ake kamanta shi da shi, kamar barewa. Akwai kalmar da ke haɗa su, irin "kamar" ko "tamkar". Ta huɗu ita ce babba: wurin da suka yi kama. Malamai suna kiranta wajahush shabahi, wato fuskar kama.

Sau da yawa mawaƙi ba ya faɗin ta huɗun. Yakan bar mai sauraro ya cika ta da kansa. In ka ce wa mutum zaki, ba sai ka ce don jarumtaka ba, kowa ya sani. To, a nan matsalar take. Balarabe in ya ji barewa, akwai abin da ke faɗo masa a rai. Bahaushe in ya ji barewa, wani abu daban ke faɗo masa. Mai ɗauko kamance daga wani harshe, in ya ɗauko sunan dabba ya bar fuskar kama a can, ya ɗauko tulu ne ya bar ruwan a rijiya.

Da wannan ma'auni za mu auna baƙinmu uku.

WATA: BAƘON DA YA TARAR DA DANGINSA

Larabawa suna da suna na musamman don watan da ya cika, na daren goma sha huɗu. Suna ce masa badar. Da shi suke kamanta kyakkyawar fuska. Fuskar kama a nan ita ce haske da cika, da kuma yadda yake fitowa cikin duhu kowa ya ɗaga kai. Mawaƙan Farisa ma haka suke yi. Har sukan ƙara da cewa masoyiya ta fi wata, don wata yana da tabo a fuska, kuma yana raguwa bayan ya cika.

Wannan kamance ya daɗe da shigowa ƙasar Hausa, kuma ba ta hanyar soyayya ya fara shigowa ba. Ta hanyar yabon Annabi ya shigo, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Waƙar Burda, wadda Imam Busiri na Masar ya yi a ƙarni na 13, ta kamanta Annabi da watan da ya cika. Ana karanta ta a zaurukanmu da wuraren Mauludi, ana fassara ta da Hausa. Masu bege kuma suka ɗauka suka sa cikin nasu waƙoƙin. Saboda haka kunnen Bahaushe ya saba.

Ban da haka, wata ya tarar da danginsa a nan. Mu ma muna cewa farin wata sha kallo. Daren farin wata ne ƴan mata ke fita dandali su yi gaɗa. Jinjirin wata muke nema da ido ranar da za a kama azumi da ranar da za a sauke shi. Muna kiran tauraruwar nan mai haske Zara matar wata. Duk wanda ya taɓa dawowa daga kasuwa mai nisa da dare ya san bambancin duhun wata da farin wata. Abin da Balarabe ke ji, shi muke ji, har da ƙari.

To, in haka ne, me ya kada saurayinmu? Rubutu ne ya kada shi. A bakinmu kalmomi biyu ne. Wata na sama, ana jan ƙarshensa, murya ta sauka. Wata ta mace, wadda muke nufi in mun ce "wata yarinya", gajeruwa ce, murya ba ta sauka. Amma a takarda haruffansu ɗaya: w, a, t, a. Yaron da ya karanta takardar ya ga "ke" a gaba, ya ga "ce" a baya, sai ya karanta ta mace. Yarinya ta ji an ce mata ita wata ce can daban a zuciyar wanda zai aure ta. Wace ɗiya za ta ji wannan ta yi murna?

Maganin abin ba wuya. Kada ka bar wata shi kaɗai cikin layi. Ba shi abokin tafiya. Ka ce "farin wata", ko "hasken wata", ko "watan sha huɗu". Da haka mai karatu ba zai ɓata ba, ko jiya ya fara haɗa baƙi.

Akwai kuma gargaɗi guda. Wasu samari sun ɗauka kamanta mace da wata yana nufin farar fata. Ba haka ba ne a waƙa mai kyau. Haske ake nufi, irin wanda ke sa mutum ya ji sanyi a rai in ya ga fuskar. Baƙar yarinya mai sheƙi, mai fara'a, farin wata ce. Mawaƙin da ya mai da wata ya zama launin fata ya rage wa kamancen daraja, ya kuma taimaka wajen tura ƴan mata ga man shafawa mai ɓata jiki.

Hukuncina a kan wata: ya zama ɗan gari. A riƙe shi, a kula da rubutunsa.

BAREWA: SUNA ƊAYA, TUNANI BIYU

Barewa tsohuwa ce cikin waƙar Larabawa. Imru'ul Ƙaisi, wanda ya rayu a ƙarni na 6, kafin zuwan Musulunci, ya kamanta wuyan masoyiyarsa da wuyan farar barewa, ya kamanta kallonta da kallon dabbar daji mai ɗa. Ka'abu ɗan Zuhairu, cikin waƙar da ya karanta gaban Annabi, wadda ake kira Banat Su'adu, ya buɗe da kamanta mace da barewa mai sunkuyar da ido, mai ido kamar an sa masa kwalli. Akwai kuma labarin Majnunu da Laila. An ce Majnunu ya tarar da barewa cikin tarkon maharbi, ya fanshe ta ya sake ta, don idonta irin na Laila ne. Mawaƙin Farisa Nizami ya mai da wannan labari doguwar waƙa a shekarar 1188.

Ku lura da kyau. A duk waɗannan wurare ba barewa gaba ɗaya ake nufi ba. Abu uku ake ɗauka daga jikinta. Na farko ido, babba, baƙi wuluk. Na biyu wuya, dogo, siriri, musamman in ta miƙa shi tana cin ganyen itace. Na uku hali: takan tsaya ta waiwayo ta dube ka, kana matsowa ta kauce. Wanda ya taɓa ganin barewa a daji ya san wannan waiwaye. Shi ne mawaƙi ke gani ga yarinya mai kunya, wadda ta ɗago ido sau ɗaya ta sunkuyar.

Mu fa? Mun san barewa sarai. Tsofaffinmu sun gan ta a dajin Dakwaro da Tanut da Tawa lokacin da daji yake daji. Ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasarmu ma sunanta Mena, sunan wata babbar barewa ta sahara, wadda yanzu ƴan kaɗan suka rage wajen Tarmit da Ayar. Amma me ya sa aka ba ƴan ƙwallo wannan suna? Don idonsu? A'a, don gudu. Ga karin maganarmu: barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A tunanin Bahaushe, barewa gudu ce da tsalle. Bayan gudu kuma, nama ce ga maharbi.

Saboda haka da saurayinmu ya rubuta "barewa ce masoyiyata" ya yi shiru, gwaggo ta cika sauran da abin da ta sani. Ta ga ɗiya mai rawar ƙafa wadda ba ta zama wuri ɗaya, ko kuwa naman da ake farauta. Ba ɗaya daga ciki da ya dace da amarya.

Shin sai mu kori barewa? A'a. Abubuwan nan uku da Balarabe ke yabo, mu ma muna yabonsu. Muna son dara-daran idanu da suka sha kwalli. Muna son dogon wuya. Muna girmama kunya. Abin da ya rage shi ne mawaƙi ya faɗi fuskar kama da bakinsa. Kada ya ce "barewa" kawai. Ya ce "idon barewa", ko "wuyan barewa", ko "waiwayen barewa". Kalma ɗaya ce aka ƙara, amma ta juya hankalin mai sauraro daga ƙafar dabbar zuwa fuskarta.

Akwai dabbobin waƙar Larabawa da ko an yi haka ba za su shigo ba. Larabawa suna yabon idon wata dabba mai dogon ƙaho, dangin mariri, wadda suke kira saniyar daji. A wurinsu babban yabo ne. Kai kuwa je ka ce wa ɗiyar Hausawa saniya, ka ga abin da zai biyo baya. Shi Imru'ul Ƙaisi ma ya kamanta yatsun masoyiyarsa da wasu ƴan tsutsotsi masu laushi da ke cikin rairayi. Mutanensa sun ji daɗin wannan, don sun san laushin da yake nufi. Mu in mun ji tsutsa, ƙyama muke ji. Girman mawaƙi ba ya sa kowace kalmarsa ta dace da kowane gari.

Hukuncina a kan barewa: tana iya zama, amma da sharaɗi. Kullum a nuna wurin da ake so a duba.

WARDI: BAƘON DA RUWAN GARI BAI KARƁA BA

Na uku shi ne mai wuya. Larabawa suna ce masa wardi, mutanen Farisa suna ce masa gul. Wani ɗan itace ne mai ƙaya, furensa ja-ja ne mai ƙamshi. A Farisa ya fi ko'ina daraja. Shaihu Sa'adi na birnin Shiraz ya rubuta littafi a shekarar 1258 ya sa masa suna Gulistan, ma'ana lambun wardi. Hafizu, shi ma mutumin Shiraz, wanda ya rayu a ƙarni na 14, ya cika waƙoƙinsa da wannan fure.

Me ya sa suke ji da shi haka? Ƙasarsu tana da sanyi mai tsanani, har ƙanƙara takan rufe duwatsu. In sanyi ya wuce, sai wardi ya buɗe. Irin wanda ake yin turare da shi ba ya daɗewa, ƴan makwanni ne ya wuce. Wajen garin Kashan har yau ana tsinkarsa da sassafe cikin watan Mayu, a dafa a tatsi ruwansa. A daidai wannan lokaci ne wani ƙaramin tsuntsu mai zaƙin murya, wanda suke kira bulbul, yake kuka da dare cikin lambuna. Sai mawaƙansu suka ce tsuntsun masoyi ne, furen kuwa masoyiya ce da ba ta kula shi.

Ke nan mutumin Farisa in ya ji wardi, abu huɗu yake ji a lokaci guda: jan launi irin na kunci, ƙamshi, gajeren kwana, da ƙaya mai tsare kyakkyawa. Bai koyi wannan a littafi ba. Ya gani a ƙofar gidansu tun yana yaro.

Harshen Farisa bai zama harshen karatu a zaurukanmu ba. Wardi ya iso mana ta hanya biyu. Ta farko littattafan Larabci da fataken turare. Ta biyu silima. Mawaƙan Indiya sun gaji waɗannan kamance daga waƙar Farisa da ta Urdu, kuma finafinansu sun daɗe suna shiga garuruwan Hausa. Daga nan ne samari suka ga saurayi yana miƙa wa budurwa jan fure, har abin ya shiga littattafan soyayya da waƙoƙin finafinan Hausa.

Amma manomin Gidan Rumji ko na Matamai, me ya sani game da wardi? In ya san shi, a kwalba ya san shi, turare ne. Bai ga itacen ba, bai ga ranar da ya buɗe ba, bai ga ranar da ya zube ba. Daga cikin abubuwa huɗun nan, ƙamshi kaɗai ya iso gare shi.

Jan kunci kuwa ba abin yabo ba ne a wurinmu. A ƙasar masu farar fata, kunya takan sa jini ya hau fuska, kunci ya yi ja. Fatarmu ba ta nuna haka. In ka ga kuncin ɗiyarmu ya yi ja, sai ka tambaya ko lafiya: ƙuna ce, ko mari, ko man bilicin? Saurayinmu ya yabi abin da babu shi a fuskar yarinyarsa. Yabon da ba gaskiya a cikinsa kuwa, mace tana gane shi tun kafin a rufe baki.

Wasu sukan ce, to, a sa "fure" a madadin wardi. Wannan ma bai isa ba. Mu manoma ne. In wake ya yi fure, murnarmu ta ƴaƴan da za su biyo baya ce. Ba al'adarmu ba ce a tsinke fure a kai wa budurwa. Goro ake kai mata, da turare, da zane. Kuma ku tambayi iyayenmu mata: a bakinsu "fure" shi ne furen taba, wanda ake goga wa haƙora tare da goro su yi ja. Ka ga ke nan jan da Bafarishe ya sa a kunci, tsohuwar kwalliyar Hausa a haƙori ta sa shi.

Abin yi shi ne a raba kayan wardi, a ba kowane ɗan gari abin da zai iya ɗauka. In ƙamshi kake nufi, ga furen lalle. Ƙanana ne, farare, ba su cika ido ba, amma duk gidan da ke da itacen lalle an san ƙamshinsa da maraice. Ga shi kuma sunan lalle kaɗai yana tuna wa kowa aure. In gajeren kwana kake nufi, ga furen bado a kan tabki: yana nan muddin akwai ruwa, tabki na ƙafewa ya tafi. In kyau mai ƙaya kake nufi, ga bagaruwa da furenta rawaya, wadda ba a miƙa mata hannu da gaggawa. In kuwa turaren kake nufi, ka ce "turaren wardi" kai tsaye, za a gane.

Shi ma tsuntsun ba sai an ɗauko shi daga Shiraz ba. Larabawa suna da kurciya mai kuka a kan reshe, wadda ke tayar wa masoyi da bege. Wannan kam muna da ita a kowace bishiya, kuma kukanta da tsakar rana yana taɓa zuciyar Bahaushe kamar yadda yake taɓa ta Balarabe.

Hukuncina a kan wardi: a matsayin turare yana da wurin zama. A matsayin jan kunci, a sallame shi ya koma gida.

YADDA MUKA GYARA BAITIN

Muka zauna da saurayin a gindin bedi, muka ɗauki layi ɗaya bayan ɗaya. A kowane layi tambaya guda nake yi masa: "Me ka gani a wurinta da ya sa ka faɗi haka?"

A layi na farko ya ce: "In ta shigo wuri, sai in ji kamar an kunna fitila." Na ce to, haske ke nan, faɗe shi. A na biyu ya ce: "Ranar da na fara ganinta bakin rijiya, ta ɗago ido ta dube ni, ta kau da kai." Na ce wannan shi ne idon barewa. A na uku ya yi shiru, can ya ce: "Gaskiya, Malam, ban taɓa ganin wardi ba. A bakin malaminmu na ji shi." Na ce: "To, wane ƙamshi ke tuna maka da ita?" Ya ce akwai itacen lalle a bayan danga, inda suke tsayawa zance. Ga abin da ya fito:

Farin watana, hasken gidana,
Idon barewa ya kama raina,
Kamar furen lalle daf da kwana.

Ku karanta shi da ƙarfi, kuna buga yatsa bisa gwiwa. Kowane layi yana da gaɓa 10, kuma masu nauyi da marasa nauyi suna faɗuwa wuri ɗaya a duk layukan. Duka sun ƙare da "na". Baitin farko yana da amsa-amo shi ma, amma tafiyarsa tana ɗingishi, layi na uku ya fi sauran tsawo. Gyaran ma'ana ya zo tare da gyaran kari.

Ban ce wannan baiti ya kai na manyan mawaƙa ba. "Hasken gidana" magana ce da aka sha faɗi, ba sabuwa ba ce. Layi na uku ne ya fi ƙarfi, don shi kaɗai ne ba wanda zai iya rubuta shi sai wanda ya tsaya a bayan dangar nan. Amma yanzu ba layin da za a juya shi ya zama zagi. Baƙi biyu sun zauna, an ba kowannensu abokin tafiya. Na ukun an musanya shi da ɗan gida.

Ya sake aika takardar. Ƙanen ya sake karantawa. An ce gwaggo ta ce: "Yanzu ka yi magana."

GA MASU CEWA A BAR BAƘI YADDA SUKA ZO

Wani abokina malami bai yarda da ni duka ba. Ya ce waƙa ai makaranta ce. In mutum bai san wardi ba, waƙa ta sanar da shi. Ya ce kalmomi da yawa na Hausa, irin su alƙalami da littafi da sabulu, da can baƙi ne, yau ba mai ce musu baƙi.

Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya. Harshe ba ya girma in ya rufe ƙofa. Kuma yau akwai yaran birni, a Yamai da Maradi da Damagaram, da suka san jan furen nan a hoto da wurin masu sayar da shuke-shuke. In su kake yi wa waƙa, wardi zai yi aiki fiye da yadda zai yi a ƙauye. Amma alƙalami ya zauna ne don an riƙe shi a hannu an yi aiki da shi. Kalmar da ba ta da abin da mai sauraro zai gani, ko ya taɓa, ko ya shaƙa, ado ce kawai. Kuma in malami zai fassara waƙar Hafizu don a san abin da Hafizu ya ce, dole ya bar wardi a wurinsa ya yi bayani. In kuwa kai ne za ka yi wa taka yarinya waƙa, ba ka da damar bin takardarka kana bayani. Ita kaɗai za ta tafi.

Saboda haka ga gwajin da nake ba ɗalibaina. In ka gama baiti, kafin ka aika, karanta wa wata tsohuwa a gidanku wadda ba ta yi karatu ba. Kada ka tambaye ta ko ya yi daɗi, don za ta ce ya yi saboda kai jikanta ne. Tambaye ta: "Kaka, me kika gani?" In ta ce ta ga ido, alhali ido kake nufi, kamancenka ya iso. In ta ce ta ga dabba tana gudu, ko ta ce ba ta ga kome ba, koma ka sake zama.

An ɗaura auren saurayin nan bayan kaka. Amaryar ta shiga ajin mata, don ta ce ba ta so ƙanenta ya ƙara karanta mata takardar mijinta.

Allah ya ƙara mana basira. Sai mun ji daga gare ku.